Na iya sa wa zane sunaye, amma in aka ce in bayyana shi da kalmomi sai maki ya zube

Tauraruwar_Asuba:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon malamai da yayyenmu da suka wuce wannan mataki. In aka ba ni zanen zuciya ko na hanyar abinci aka ce in sa sunaye, ba na yin kuskure. Amma a gwajin makon jiya an kawo zanen zuciya, aka ce mu bayyana da kalmomi yadda jini yake bi ta cikinta. Maki 8 ne, 3 na samu. Ga abin da na rubuta, na mayar da shi Hausa:

"Zuciya tana da ɗakuna huɗu. Akwai atiriyam na dama da na hagu, akwai bentirikul na dama da na hagu. Akwai ayota da bena kaba. Akwai bawul. Zuciya tana harba jini zuwa jiki."

Duk abin da na faɗa gaskiya ne, to ina makin ya tafi? Malaminmu ya rubuta a gefe da jan biro cewa jeri ne wannan, ba bayani ba. Abin ya tsaya mini a rai, don na kwana biyu ina haddar zanen nan.

Mai_Alli:
Wa alaikumus salam 'yata. Malaminku bai zalunce ki ba. Na daɗe ina duba irin wannan amsa, kuma kusan kullum matsalar ɗaya ce. Zane ya riga ya nuna cewa akwai ayota, akwai bawul. Abin da zane ba ya iya faɗa shi ne mene ne farko, me ya biyo baya, kuma don me. Shi aka tambaye ki. Ki duba amsarki, kalmar "akwai" ta fito sau huɗu, amma babu "daga", babu "zuwa cikin", babu "ta", babu "saboda".

Ki ɗauki ɗigon jini guda ki bi shi, kada ki sake shi sai ya fita daga zuciya. Ki fara daga inda ya shigo. Jinin da ya gama zaga jiki, oksijin ɗinsa ya ragu, yana dawowa ta manyan jijiyoyi biyu, bena kaba ta sama da ta ƙasa, ya zuba cikin atiriyam na dama. In atiriyam ya matse, jinin ya ratsa bawul mai fiffike uku, wato tirikosfid, ya sauka cikin bentirikul na dama. Shi kuma ya matse ya tura shi ta jijiyar da ake kira atarin huhu zuwa huhu. A can jinin ya sauke kabon dayoksaid ya ɗauki oksijin, ya dawo ta ben ɗin huhu cikin atiriyam na hagu. Daga nan ya ratsa bawul mai fiffike biyu, baikosfid, ya shiga bentirikul na hagu, wanda zai harba shi ta ayota zuwa sauran jiki.

Ki ƙirga da kanki. Jimlolin nan suna ɗauke da wuri, da hanya, da halin da jinin yake ciki. A nan mai duba takarda yake sa alamarsa.

Dogon_Fensir:
Ni shawarata ki samu fensir mai tsini, ki ja layin suna da rula, kada layuka su haye juna, kuma kada ki yi wa zane inuwa. Zane ya kai rabin shafi. Haka aka koya mana kuma bai taɓa ba ni kunya ba.

Tauraruwar_Asuba:
Na gode Yaya, amma ba zanawa aka ce mu yi ba. Zanen yana kan takardar tambaya, bayani ake so da rubutu.

Dogon_Fensir:
Af, na gane yanzu. To a yi haƙuri. Amma ko da hakan, ni sai na ɗora fensir a kan zanen da aka bayar na ja kibiyoyi kafin in rubuta ko kalma ɗaya.

Ɗan_Aji_Shida:
Hanya mafi sauƙi da nake bi ita ce wannan: atari jini mai oksijin take ɗauka, ben kuma jini mara oksijin. Ja da shuɗi kenan a zane. In kin riƙe wannan ba za ki ɓata ba.

Uwar_Ɗakin_Jinya:
Ɗan_Aji_Shida, ƙanena, wannan ƙa'idar taka za ta kai ka rabin hanya ta yashe ka a daidai inda ake sa tarko. Koma ka karanta abin da Malam ya rubuta a sama. Atarin huhu jinin da oksijin ɗinsa ya ragu take ɗauka, ben ɗin huhu kuwa jinin da ya cika da oksijin. Abin da ya sa ake kiran jijiya atari shi ne tana fitar da jini daga zuciya, ben kuma tana dawo da shi. Alƙibla ce ta ba su suna, ba abin da suka ɗauko ba.

Sannan shuɗin nan na zane ne kawai. Kullum ina ɗibar jini daga ben a wurin aiki, ja ne, ya dai fi duhu. Kuma ba a rasa oksijin a cikinsa ba, raguwa ya yi. Kada wanda ya rubuta "shuɗin jini" a takardar amsa.

Ɗan_Aji_Shida:
Gaskiya ne Anti, na manta da na huhu. Amma ai sauran duk sun bi ƙa'idar da na faɗa ko?

Uwar_Ɗakin_Jinya:
A babban mutum, eh. A jikin ɗan tayi jijiyoyin cibiya ma juyewa suke yi. Amma masu tambaya sun san na huhun ne yake kayar da ɗalibai, shi ya sa suke yawan ɗora harafi a kansa.

Mai_Ƙwazo22:
Ni abin da ya cinye ni bara dama da hagu ne. Na kalli zanen, ɗakin da yake hannun damana na kira shi bentirikul na dama, na gina amsa gaba ɗaya a kai. Jerin ya tafi daidai, sunayen duk a juye. Da takarda ta dawo na zauna ina kallonta na rasa abin cewa, don na san abin, gefen ne kawai ya ruɗe ni.

Mai_Alli:
Wannan ya ci mutane da yawa. Zanen jiki ana yin sa ne kamar mutum yana tsaye yana fuskantarka, don haka damansa tana hagunka. Amma kada ka dogara da wannan kaɗai, don wani lokaci ruɗewa takan zo a cikin zauren jarrabawa. Ka nemi shaida a jikin zanen. Dubi ɗakuna biyu na ƙasa. Wanda bangonsa ya fi kauri shi ne na hagu, kaurinsa yakan kai kusan ninki uku na ɗan'uwansa. In ka same shi, sauran duk sun faɗo a wurinsu: ɗakin da ke samansa atiriyam na hagu ne, babbar jijiyar da ta fita daga gare shi ta lanƙwasa a sama ita ce ayota.

Kaurin nan ma tambaya ce mai zaman kanta. In aka ce ka bayyana dalili, kada ka tsaya a "ya fi kauri don ya fi aiki". Ka ce bangonsa ya fi tsoka domin ya samar da matsi mai ƙarfi da zai kai jini ko'ina a jiki, alhali na dama huhu kawai yake kaiwa, huhu kuwa yana kusa kuma ƙananan jijiyoyinsa ba sa jure matsi mai yawa. Wasu kuma sukan rubuta cewa na hagu ya fi harba jini da yawa. Kuskure ne. Adadin da suke turawa ɗaya ne, ƙarfin turin ne ya bambanta.

Tsohon_Ɗalibi:
Maganar bango ta tuna mini wani abu game da bangon tsakiya, wanda ke tsakanin gefen dama da na hagu. Akwai ɗaliban da suke tsallakar da jini daga bentirikul na dama kai tsaye zuwa na hagu, su manta da huhu ɗungurungum. Tsohon kuskure ne wannan. Ɗaruruwan shekaru likitoci suna bin ra'ayin Galen, wani likitan zamanin Rumawa, cewa akwai ƙananan ƙofofi a bangon. Ibnun Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira a ƙarni na 13, shi ya ce babu ƙofa a wurin, dole jini ya bi ta huhu. Sai a 1628 William Harvey, wani likitan Ingila, ya wallafa bayanin zagayen jini a jiki gaba ɗaya. Ina ganin jimla ɗaya a kan bangon tana da amfani a amsa: yana raba gefen biyu, ya hana jini mai oksijin gauraya da wanda nasa ya ragu.

Tauraruwar_Asuba:
Yanzu na fara ganin inda na kauce. To na hanyar abinci fa? Shi ma haka zan bi loma guda daga baki har ƙarshe?

Sabon_Shiga:
Eh mana, shi ya fi sauƙi. Baki, bututun abinci, tumbi, hanta, saifa, ƙaramin hanji, babban hanji, dubura. An gama.

Mai_Alli:
Sabon_Shiga, tsaya. Kurakurai biyu ne a layinka, kuma duka biyun zane ne yake jawo su. Abinci ba ya ratsa hanta. An zana ta manne da hanyar, shi ya sa ido yake sa ta cikin jeri. Daga tumbi abinci diyodinam yake shiga, wato farkon ƙaramin hanji, wanda ya lanƙwasa kamar harafin C, tsawonsa kamar santimita 25. Hanta da fankiriyas suna gefe ne, ruwansu suke aikowa ta bututu ya zuba cikin diyodinam ya tarar da abincin a can.

Na biyu, abin da kake kira saifa ba ita ba ce. Wannan dogon abu mai kama da ganye da yake kwance a bayan tumbi, kansa cikin lanƙwasar diyodinam, fankiriyas ne. Saifa daban take, tana can sama ta hagu, aikinta ya shafi jini da garkuwar jiki, ba ta narka abinci.

A rubuce, bambancin yana cikin aikatau da ka zaɓa. Ga gaɓoɓin da suke kan hanya ka ce abinci "ya shiga", "ya wuce". Ga na gefe ka ce "tana zuba", "tana aikowa".

Uwar_Ɗakin_Jinya:
In ƙara a kan na Malam. A riƙa lura da maɗaciya, wasu suna ce mata matsarmama, 'yar jakar nan da ke ƙarƙashin hanta. Ajiya take yi, ba ita take haɗa ruwan ba. Hanta ce take haɗa shi. Shi ya sa za ka ga an cire wa mutum maɗaciya ya ci gaba da rayuwarsa, ruwan yana gangarowa kai tsaye daga hanta. Kuma ruwan nan babu inzayim, wato sinadarin da ke narkar da abinci, a cikinsa. Yana farfasa maiko ne ya zama ƙananan ɗigo don inzayim ɗin fankiriyas ya samu wurin kamawa, yana kuma taimakawa wajen kashe tsamin da ya biyo abinci daga tumbi.

Hasken_Fitila:
Bari in kawo nawa. Ƙanwata ba ta gani sosai, zane a littafi ba ya yi mata amfani, ni nake zama in karanta mata. Da farko sunaye nake jero mata kamar yadda Tauraruwa ta yi, sai ta ce, "Yaya, ka faɗa mini abin da yake wurin, ba ka faɗa mini inda yake ba." Daga ranar na canja. Nakan kama hannunta in ɗora a ƙasan haƙarƙarinta na dama in ce nan hanta take, ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki. In matsar da shi hagu in ce nan tumbi. In zagaya da shi daga ƙasa ta dama, ya hau sama, ya ratsa, ya gangara ta hagu, in ce haka babban hanji ya kewaye ƙarami.

Abin da ya ba ni mamaki, nawa rubutun ne ya gyaru. Yanzu in na rubuta bayani sai in karanta wa wanda bai ga zanen ba, in ba shi takarda in ce ya zana abin da ya ji. Duk inda ya ɗago kai ya ce "wannan ina zan sa shi?", a nan jimlata take da rami.

Mai_Ƙwazo22:
Hasken_Fitila, Allah ya saka da alheri. Yau zan gwada wannan da abokin karatuna.

Ɗan_Aji_Shida:
Ni fa ban ga dalilin dogon rubutu ba. Me zai hana in jera sunaye da kibiya a tsakani? Ya fi sauri, kuma mai dubawa zai gani a take.

Mai_Alli:
Ya danganta da kalmar da aka yi tambayar da ita. In aka ce ka nuna hanyar kawai, kibiyoyi sukan wadatar. In aka ce ka bayyana, ni ba na ba kibiya cikakken maki, don kibiya ba ta faɗin abin da ya faru a wurin.

Malama_Ta_Gaba:
Malam, a nan na ɗan saɓa maka. Ni ina karɓar kibiyoyi in ɗalibi ya rubuta abin da ke faruwa a ƙarƙashin kowane mataki. Na gwammace haka da sakin layi mai tsawo wanda aka cusa komai aka rikita jeri. Yaro mai raunin harshe yakan san abin sarai, jimla ce take kayar da shi.

Mai_Alli:
Na fahimce ki Malama, kuma a aji ni ma haka nake fara koya musu. Tsorona shi ne ba mu san hannun da takardar za ta faɗa ba.

Malama_Ta_Gaba:
To ai gajerun jimloli ma jimloli ne. Mataki ɗaya, jimla ɗaya, layi ɗaya. Amma ban janye ba, kibiya mai bayani ba laifi ba ce.

Bari in ba su tambayar da nake gane wanda ya fahimta da ita, don tana haɗa zanen biyu. Bayyana hanyar da gulukos zai bi daga ƙaramin hanji har ya isa ƙoda. Wa zai gwada?

Sabon_Shiga:
Hanji ya tsotse shi ya shiga jini, jini ya kai shi zuciya, zuciya ta harba shi ƙoda.

Tauraruwar_Asuba:
Bari in gwada yadda Malam ya koya. Gulukos yana ratsa bangon bilai, 'yan tsirgunan nan masu kama da yatsu da suke cikin ƙaramin hanji, ya shiga kafilari, ƙananan jijiyoyin jinin da ke cikinsu. Daga nan jini ya ɗauke shi ta bena kaba ta ƙasa zuwa atiriyam na dama, ya sauka bentirikul na dama, ya bi atarin huhu zuwa huhu, ya dawo ta ben ɗin huhu zuwa atiriyam na hagu, sai bentirikul na hagu, sai ayota, sai atarin ƙoda da ta reshe daga ayota ta shiga ƙoda.

Malama_Ta_Gaba:
Madalla 'yata, kin ratsa zuciya sau biyu kuma ba ki manta huhu ba, nan ne Sabon_Shiga ya yi tsalle. Amma kin tsallake zango guda. Jinin da ya bar hanji ba ya shiga bena kaba kai tsaye. Yana taruwa cikin jijiyar da ake kira hefatik fotal ben, ta kai shi hanta tukuna. A hanta ake rage gulukos in ya yi yawa, a ajiye shi a matsayin gilaikojin. Sannan jinin ya fita ta ben ɗin hanta ya faɗa bena kaba ta ƙasa. Daga nan amsarki ta tafi daidai.

A zane za ki gane wannan jijiya da abu ɗaya: ta taso daga hanji ta ƙare a hanta, ko ɗaya daga bakinta biyu bai taɓa zuciya ba. Da kafilari ta fara, da kafilari ta ƙare.

Sabon_Shiga:
To yanzu na ruɗe. Ɗazu Malam ya ce abinci ba ya ratsa hanta, yanzu kuma Malama ta ce yana ratsawa.

Mai_Alli:
Tambaya mai kyau, kuma duka biyun gaskiya ne. Lomar da ke cikin bututu, wadda ake narkawa, ba ta shiga hanta. Abin da aka riga aka narkar aka tsotse, yana cikin jini, shi yake zuwa hanta. Don haka in tambayar a kan zanen hanyar abinci ce, hanta tana gefe. In a kan zanen jini ce, hanta tana kan hanya. Ka fara tambayar kanka: abin da nake bi yana cikin hanji ne ko ya riga ya shiga jini?

Uwar_Ɗakin_Jinya:
Maiko kuma akasarinsa ba ya bin wannan jijiya. Yana shiga laktiyal, bututun da ke tsakiyar kowane bilai, ya bi hanyar ruwan limf, sai can kusa da gindin wuya ta hagu yake haɗuwa da jini. In aka canja gulukos aka sa maiko a tambayar, amsar ta canja daga matakin farko.

Ɗan_Aji_Shida:
Tunda ana gyare-gyare, littafinmu ya ce aikin babban hanji shi ne tsotse ruwa. Wani yayana da ke karatun likita ya ce ƙaramin hanji ne yake tsotse mafi yawan ruwan. Wanne zan rubuta?

Uwar_Ɗakin_Jinya:
Yayanka ya yi gaskiya. Ƙarami ya kai kusan mita 6, babba kamar mita 1.5, faɗi ne ya ba su sunan ba tsawo ba. Mafi yawan ruwa a ƙaramin ake tsotse shi.

Malama_Ta_Gaba:
Haka ne, amma in aka nuna babban hanji da harafi aka ce faɗi aikinsa, tsotse ruwa ake jira. Ka rubuta cewa yana tsotse ruwan da ya rage a cikin abin da bai narke ba, sauran ya daskare ya zama bayan gida. Kalmar "ya rage" ta fid da kai ta kowane gefe.

Mai_Alli:
Ni da zan so ya faɗi duka biyun a fili, ko da zai ci masa layi ɗaya.

Tauraruwar_Asuba:
Na sake rubuta amsar gwajin daga farko ba tare da na kalli ta Malam ba, na karanta wa ƙawata ta zana kamar yadda Hasken_Fitila ya ce. Ta samu ɗakuna huɗu da jijiyoyin daidai. Inda ta tsaya ta tambaye ni shi ne bawul. Na ce jini ya ratsa su, ban faɗi abin da suke yi ba. Na ƙara cewa in bentirikul ya matse, bawul ɗin da ke tsakaninsa da atiriyam yana rufewa don kada jini ya koma sama. Sai ta ce to wanda ya riga ya shiga ayota me ya hana shi dawowa? Sai na tuna akwai wasu bawul a bakin ayota da bakin atarin huhu, masu siffar jinjirin wata.

Saura abu ɗaya. Yadda na rubuta, kamar gefen dama ne yake gama aiki sannan na hagu ya fara.

Uwar_Ɗakin_Jinya:
Kin lura da abin da da yawa ba sa lura da shi. Tare suke yi. Atiriyam biyu su matse lokaci guda, sannan bentirikul biyu su matse lokaci guda, kusan sau 70 a minti in mutum yana hutawa. Bin ɗigo guda ne yake sa a ga kamar bi da bi ne. Ki sa jimla ɗaya a ƙarshe ki faɗi hakan.

Mai_Ƙwazo22:
Malam Mai_Alli, in an kawo zanen zuciyar kifi fa? Na ga ɗakuna biyu ne kawai, kuma na nemi bango mai kaurin da zan gane hagu da shi ban samu gefe biyu ba ma. Daga ina zan fara bin ɗigon?